Idan ka ga an cire kuɗi daga katinka ba da saninka ba

Kafin ka rubuta wa banki komai, tsaya ka duba sunan da ya fito a takardar bayanin asusunka. Sau da yawa ba sunan shagon ba ne, sunan kamfanin da ke karɓa masa kuɗi ne. Abin da aka biya ta PayPal, misali, yakan fara da PAYPAL * sannan sunan mai kayan ya biyo baya. Duba imel ɗinka ko akwai wata manhaja da ka shiga gwajinta na kyauta, wa'adin ya cika ta fara cira. Tambayi iyalinka ma.

Dalilin wannan binciken shi ne banki na raba ƙorafi gida biyu, kuma kowanne da hanyarsa. Akwai "ban ba da izini ba sam", akwai kuma "ni na biya, amma kaya ba su zo ba, ko na soke rajista aka ci gaba da cira". A nan mutane da yawa ke faɗuwa. Idan ka ce ba ka san cinikin ba, mai kayan ya kawo shaidar cewa da imel ɗinka aka yi rajista, banki zai iya rufe maganar, har ya janye kuɗin da ya mayar maka na wucin gadi.

To, a ce ka tabbatar ba kai ba ne: an cire 49.99 ranar 3 ga Maris. Rufe katin nan take ta manhajar banki ko ta waya, sannan ka rubuta. Sa cikakken sunanka, lambobi huɗu na ƙarshen katin, ranar, adadin kuɗin, da sunan mai cirar harafi da harafi yadda ya fito. Faɗi a fili cewa ba ka ba da izini ba, katin yana hannunka, kuma kana neman a mayar da kuɗin a ba ka amsa a rubuce. Idan lambar tabbatarwa ta shigo wayarka a ranar, faɗi gaskiyar abin da ya faru da ita, domin banki na da bayanin a wurinsa. Haɗa hoton layin cirar. Lambar sirri kuwa, don Allah kada ka rubuta ta ko'ina, banki ba ya buƙatarta.

Kada ka yi jinkiri. A Amurka, ga katin bashi, dole wasiƙar ta isa cikin kwana 60 daga ranar da aka aiko takardar bayanin, kuma adireshin ƙorafin lissafi ake aika wa, ba na biyan kuɗi ba. A Birtaniya da ƙasashen Tarayyar Turai iyakar wata 13 ce, amma ana so ka sanar da zarar ka gani. Ajiye kwafin wasiƙar, shaidar aikawa, da lambar ƙorafin da za su ba ka, domin da su za ka kai ƙara gaba idan aka ƙi biyanka.