Hoton da za ki nema kafin ki biya jakar gwanjo

'Yar uwa, kafin ki tura kuɗin jakar Louis Vuitton ta gwanjo, ki ce a ɗauko miki hoton cikinta. Masu jabu sun ƙware a kwaikwayon waje, a ciki suke yin ganganci.

A ɗauki tambarin da ke jikin fatar ciki, dab da shi, a bakin taga. Kar a kunna fitilar waya, haskenta yana ɓoye zurfin rubutun. Harafin O na ta asali zagayayye ne kamar zobe. Sai kuma a ɗauki ɗinkin gindin mariƙi da kan zif.

Wata mai shago a Wuse hoto takwas ta turo min, duk na gaba!

Lambar shekarar ƙira kuwa, kamfanin ya daina bugawa tun 2021. Rashinta a jakar da aka ƙera daga wannan lokacin ba shaidar jabu ba ne.