Yadda Ake Rubuta Kammalawar Maƙala Ba Tare da Shigo da Sabuwar Hujja Ba

Aikin kammalawa shi ne ta nuna wa mai karatu yadda hujjojin da aka riga aka baje suka ƙullu da juna har suka haifar da amsa guda. Domin a ga yadda ake yi, bari mu ɗauka an tambayi ɗalibi dalilin da ya sa aka iya kawar da cutar agana daga doron ƙasa, abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a 1980. Ɗalibin ya kawo hujjoji uku: cutar ba ta da mafaka a jikin wata dabba sai ɗan Adam, ƙurajenta suna fitowa ƙarara a fata, kuma allurar rigakafinta da aka busar tana jure zafi.

Da farko, ka ajiye alƙalami ka sake karanta tambayar da gabatarwarka, domin sau da yawa marubuci yana isa ƙarshe ya tarar ya kauce wa alƙawarin da ya ɗauka tun farko. Sannan ka bi gundarin rubutun, ka rubuta a gefe abin da kowane sakin layi ya tabbatar cikin jimla guda. Wannan ɗan jeri shi ne iyakar kayan aikinka, abin da ba ya ciki ba shi da gurbi a kammalawa.

Mataki na gaba shi ne mafi wahala, kuma a nan ne yawancin ɗalibai suke tuntuɓe, domin sukan jera waɗannan jimloli ɗaya bayan ɗaya su ɗauka sun gama. Wannan maimaici ne kawai. Abin da ake so shi ne ka tambayi kanka: wace hujja ce ta dogara da wata, kuma me zai faru idan aka zare ɗaya? A misalinmu, da a ce cutar tana ɓuya a jikin dabbobi, gano masu ƙuraje ba zai hana ta dawowa ba. Haka nan, da rigakafin yana lalacewa a hanya, sanin inda mara lafiya yake ba zai tsinana kome ba. Daga wannan tunani ne jimlar kammalawa take fitowa, kamar haka: "Tun da cutar ba ta da maɓuya sai jikin mutum, kuma wanda ta kama ba ya ɓoyuwa, rigakafi mai jure zafi ya ba ma'aikata damar katse yaɗuwarta a duk inda ta ɓulla, don haka nasarar ta samu ne daga haɗuwar sharuɗɗan uku, ba daga ɗayansu kaɗai ba." Ka lura cewa babu wani sabon bayani a cikinta, amma "tun da" da "don haka" sun ɗinke abin da a baya yake warwatse. A ganina, kammalawar da babu irin waɗannan kalmomi a cikinta da wuya a ce ta haɗa wani abu.

Ana cikin haka ne wata hujja takan faɗo maka a rai. Ɗalibinmu zai iya tuna allurar nan mai baki biyu da ta sauƙaƙa aikin rigakafin kuma ta rage yawan maganin da ake amfani da shi, sai ya ji kamar ya cusa ta a layin ƙarshe. Gaskiya ce, amma mai karatu bai sami damar auna ta ba, kuma za ta bar shi da tambayar da babu sauran filin amsawa. Hanya biyu ce: idan tana da nauyi, a mayar da ita gundarin rubutu a ba ta sakin layinta, sannan a gyara gabatarwa da kammalawa su dace da ita, idan ba ta da shi, a haƙura da ita.

Kada a rikita sabuwar hujja da sakamakon da hujjojin suka haifar. Ya halatta ɗalibin ya ce wannan dabara ba lallai ta yi aiki a kan cutar da ke da mafaka a jikin dabbobi ba, domin maganar ta tsiro ne daga hujjarsa ta farko. Amma da zarar ya ambaci wata cuta da alƙalumanta, ya buɗe sabon babi.

Daga nan sai tantancewa. Ka ɗauki jimlolin kammalawar ɗaya bayan ɗaya, ka rubuta lambar sakin layin da kowacce ta fito a gefenta. Ka fi sa ido a kan shekara, adadi, sunan mutum da kalmar "misali", domin ta nan sabuwar hujja ta fi saɗaɗowa. Idan ka ga 1977, shekarar da aka samu mutum na ƙarshe da ya kamu da agana ta hanyar yaɗuwa a Somaliya, alhali ba ka ambace ta a sama ba, to ka goge ta ko ka mayar da ita sakin layin da ya yi maganar gano masu ƙuraje.