Kurakuran da aka fi yi a saƙon bankwana ga abokin aiki mai ritaya

A shekarar 2025 aka miƙo mini wata takarda a ofishinmu da ke Gusau, wai in duba kafin a karanta ta a walimar bankwanan dattijon da ke kula da fayil-fayil ɗinmu. Ban kai rabi ba na kira yaron da ya rubuta, na ce masa, "Ƙanena, Baba ritaya ya yi ko rasuwa?" Ya yi dariya, amma da na sake karanta masa a bayyane sai dariyar ta tsaya. Ga yadda ya buɗe: "Yau mun yi babban rashi. Baba mutum ne da ba za mu taɓa mantawa da shi ba. Ya bar giɓin da ba mai cike shi. Allah ya sa ya huta."

Wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa, saƙon bankwana ya koma ta'aziyya. Dalilinsa ba ɓoyayye ba ne. Yawancinmu ba mu saba yabon mutum a bainar jama'a ba sai bayan ya mutu, don haka da zarar mun ɗauki biro, kalmomin zaman makoki ne ke fara zuwa. "Mun yi rashi" da "Allah ya sa ya huta" kunnen Bahaushe ya san inda yake jin su. Ga kuma mutumin zaune a kujerar gaba cikin babbar rigarsa, da 'ya'yansa a gefe. Gwajin mai sauƙi ne: karanta takardar da ƙarfi, ka tambayi kanka ko za ta shige a gidan rasuwa ba tare da an canza komai ba. In za ta shige, a sake ta. Gyaran farko shi ne ka daina magana a kansa, ka yi magana da shi. Maimakon "ya kasance mai haƙuri", ka ce "Baba, mun ga haƙurinku". Addu'ar kuma ta fuskanci gaba: ƙarin lafiya, tsawon rai mai albarka, Allah ya sa albarka a abin da za a kama nan gaba.

Sai zaɓen kalmar barin aikin ita kanta. Wasu na ganin "ritaya" aro ce, sai su nemi wadda ta fi kama da Hausa, su rubuta "ya yi murabus" ko "an sallame shi". Murabus na wanda ya sauka daga muƙami ne tun lokacinsa bai cika ba, sau da yawa ma da wani dalili a baya. Sallama kuwa a bakin ma'aikata ƙanwar kora ce. Wanda ya cika shekara 35 yana aiki ko ya kai shekara 60 da haihuwa, kamar yadda ƙa'idar aikin gwamnati ta tanada, ritaya ya yi, kuma kalmar ba ta da aibi.

Kuskuren da ya fi ba ni haushi a takardar yaron nan shi ne inda ya ce Baba "ya yi wa Jihar Zamfara hidima shekara 35". An ƙirƙiri Zamfara ne ranar 1 ga Oktoba, 1996, daga tsohuwar Jihar Sakkwato. Baba kuwa ya kama aiki a 1990. Shekaru shidan farko Sakkwato ya yi wa aiki, jihar ma da ake cewa ya yi wa hidima shekara 35 ba ta kai hakan da haihuwa ba. Matasan ofis ba za su lura ba, amma sa'o'insa da aka gayyato za su kalli juna. Mutanen Kebbi su ma su kula, tasu jihar a 1991 aka yanke ta. Abin takaicin shi ne, wannan wurin da aka yi kuskuren nan ne labari mafi daɗi yake, domin mutumin yana cikin waɗanda suka ga tashin jihar tun daga tushe.

Maganin irin wannan ba wuya. Kafin ka rubuta komai, je sashen mulki ka nemi abu uku daga fayil ɗinsa: shekarar da ya kama aiki, garuruwan da ya zauna, da muƙamin da ya yi ritaya a kai. Na ƙarshen nan a tabbatar da shi sosai, don an sha kiran mutum da tsohon muƙaminsa alhali an yi masa ƙarin girma. Haka sunansa, a tambayi yadda yake rubuta shi, da Alhaji ko Malam, da sarauta in yana da ita. Wanda ya girme ka kuma "ku" ake ce masa, ko da kai ne shugaban sashen.

Bayan an gyara waɗannan, sai a dubi yabon. "Haziƙi, jajirtacce, mai gaskiya da riƙon amana" an faɗa wa duk wanda ya taɓa yin ritaya, har waɗanda kowa ya san ba haka suke ba, shi ya sa ba ta ƙara taɓa zuciyar kowa. Na tambayi yaron me ya taɓa gani da idonsa. Ya yi shiru, can ya ce ranar da ya fara aiki Baba ne ya zaunar da shi ya koya masa yadda ake buɗe fayil da ba shi lamba, kuma akwai wani ɗan littafi da Baba ke rubuta duk fayil ɗin da ya fita da sunan wanda ya ɗauka. Na ce to ai ga saƙonka nan. Abu ɗaya da aka gani ya wadatar, biyu in an matsa.

Batun fansho da garatuti a bar shi a waje, ko da wasa ne. Ba ka san ko takardunsa sun fita ba, ba ka san me ke hana shi barci ba. Haka tambayar "yanzu sai me za ku yi?" da raha a kan tsufa. Neman yafiya kuwa dole ne, al'adarmu ce, amma a yi shi a dunƙule. Na taɓa jin wani ya ce "duk da saɓanin da muka samu a kan kuɗin tafiyar nan, na yafe", ya tono abin da aka binne, ya kuma mai da kansa mai yafewa. Kai ne za ka roƙa, shi ya san abin da zai ce.

Tsawon kada ya wuce minti uku a baki, domin ba kai kaɗai za ka yi magana ba, kuma ana jiran shi mai gayya ya ce wani abu. Ga abin da yaron ya karanta ranar, bayan sallama da gaishe da manya:

"Baba, kun kama aiki a 1990 ƙarƙashin tsohuwar Jihar Sakkwato, kuka zauna Talata Mafara da Ƙauran Namoda kafin ku dawo Gusau. Ranar da na zo ofishin nan ban san yadda ake buɗe fayil ba, ku kuka zaunar da ni kuka koya mini. Littafin nan naku da kuke rubuta duk takardar da ta fita, shi muke amfani da shi har yau, kuma za mu ci gaba. Mu yara ne, mun san mun saɓa muku a wurare da yawa, muna roƙon ku yafe mana. Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, ya yi wa zuri'a albarka. In fayil ya ɓace mana, Baba, ku yi haƙuri, za mu biyo ku har gida."