In wakilin mai gida ya riƙe maka kuɗin ajiya bayan ka tashi daga gidan haya

Kada ka tsaya ja da shi a waya. Rubuta masa takarda, ka riƙe kwafi.

Ga abin da za ka ce: "Na ajiye naira 100,000, an dawo mini da 40,000 ba bayani. A ba ni lissafin gyaran ɗaya bayan ɗaya da rasit, ko a cika mini 60,000 cikin kwana 14."

Haɗa da kwafin rasitinka da hotunan ranar da ka miƙa mukulli. "Mun yi fenti" yana da sauƙin faɗa da baki, amma rubuta farashinsa sai da shaida.

Amma in akwai bashin haya ko na wuta a kanka, ko ba ka karɓi rasit ba tun farko, takardar ba ta da ƙarfi.