Keke na biyu ba ya ninka ɗinki: inda teloli ke kuskure wajen lissafi

Wani tela a Fagge, cikin Kano, yana da keken ɗinki ɗaya da yara biyu. Shi yake awo da yanka, yaro ɗaya na kan keke, ɗayan na guga da sa maɓalli. A rana suna fitar da kaftani 4. Azumi ya kama, shadda ta taru jibgi a kan kanta, masu kaya sun fara sintiri. Sai ya je wajen tsohon maigidansa da ya koya masa sana'a.

"Baba, ina so in ƙaro keke. Idan ɗaya na ba ni 4, biyu ai 8 ke nan."

"Wa zai yanka 8 ɗin?" in ji dattijon. "Wa kuma zai goge?"

Wannan ninkawar ita ce kuskuren da aka fi yi, kuma ita ta fi cin kuɗin mutane. Keke ba shi kaɗai yake yin riga ba. Akwai almakashi, teburin yanka, dutsen guga da hannun masu aiki, kuma ranar da sabon keke ya shigo shago duk waɗannan suna nan yadda suke. Telan ya sayi keken, yaron guga ya koma kan sabon keken. Abin da ya biyo baya shi ne ɗinkakkun riguna suka riƙa taruwa ba guga, sai an yi la'asar yaron ya tashi ya hura gawayi, keken ya zauna. Telan kuma yana cikin yanka wani zai shigo awo, yaran biyu su zauna jiran yadi. Kaftani ya tashi daga 4 zuwa 6. Keke na farko ya ba da 4, na biyu ya ƙara 2 kawai, kuma da zai sa na uku ba tare da ya canza komai ba, da wuya ya wuce 7. Masana tattalin arziki suna kiran wannan raguwar ƙarin da ake samu: idan kana ƙara kayan aiki iri ɗaya alhali sauran suna tsaye, za a kai inda kowane ƙari yake kawo ƙasa da na bayansa.

Gyaran ba ya cin ko kwabo. Kafin ka sayi keke, ka yi mako guda kana lura da inda kaya ke tsayawa a shagonka. In yankakken yadi ne yake jiran keke, to keke kake buƙata. In kuwa keken ne yake jiran yadi, ko ɗinkakken kaya yake jiran guga, kuɗin ya fi amfani a kan mai yanka na biyu, ko yaron guga, ko tebur mai faɗi.

Wani kuskuren yana cikin raba lissafi. Mutum zai ce keke 2, riga 6, ashe kowanne 3. Wannan rabon yana ɓoye gaskiya, domin tun kafin sabon ya zo kana samun 4. Abin da sabon ya kawo 2 ne, kuma da su za ka auna kuɗinsa. Mu ƙaddara keken naira 180,000 ne, kowane kaftani kuma yana barin 3,000 bayan an cire zare, maɓalli da gawayi. Ƙarin riga 2 na nufin 6,000 a rana, wato kwana 30 na aiki kafin keken ya mayar da kuɗinsa. Wanda ya yi lissafi da 4 zai sa ran kwana 15, kuma a kan wannan zaton ake cin bashi ko a karɓi kayan mutane fiye da ƙima, daren Sallah a rasa bakin magana.

Ga kuma yaudarar azumi. Bayan Sallah, idan aikin da ke shigowa ya koma riga 5 a rana, sabon keken 1 kawai yake ƙarawa, kwana 30 ɗin nan ya zama 60. Da watan da kasuwa ta lafa ya kamata a yi lissafin.

Akwai kuma masu jin wannan bayani su ce ashe keke na biyu asara ne. Ba haka ba ne, kuma ina jin takaici idan na ga ƙaramin tela ya fasa faɗaɗa sana'arsa saboda wannan fahimta. Jimillar ɗinki ta ƙaru, ƙarin ne ya ragu, kuma muddin ƙarin yana biyan keken da gyaransa, sayen daidai ne. Telan Fagge bai sayi na uku ba. Ya ɗauki yaro na musamman don guga, ya koma yin yanka tun da sassafe kafin masu awo su fara zuwa, sai kekuna biyun suka kai kaftani 7 a rana.