Darasi na Bakwai: Ƙashin Bene, na Ƙarfe ko na Kankare da Rodi?

Kusan duk benen da kuka gani a tsaye, ba bulo ne ke riƙe da shi ba. Abin da ke riƙe da shi shi ne ginshiƙai, waɗanda magina ke kira pila, da kuma bim, wato dogayen sandunan da ke kwance a kan ginshiƙan suna ɗauke da dekin. Waɗannan su ne ƙashin gini, bulo kuwa sutura ce da ake cike tsakaninsu da ita. Ana yin ƙashin nan ta hanya biyu: ko dai a ɗaura rodi, kafinta ya kewaye shi da katako, a zuba kankare a jira ya yi ƙarfi, ko kuma a sayo manyan ƙarafa a yanka su daidai awo, a kawo su fili a haɗa da noti da walda. Za mu bi misalin gini ɗaya domin mu ga inda kowace hanya ta fi dacewa.

Mu ɗauka wani ɗan kasuwa yana da fili a bakin titi wajen Ƙofar Ƙaura a Katsina, yana son bene mai tsawon mita 12 da faɗin mita 10, shaguna a ƙasa, hawa biyu na ɗakunan haya a sama. Injiniya ya zana masa ginshiƙai 12, layi uku, kowane layi ginshiƙi huɗu, tazarar mita 4 ta tsawo da mita 5 ta faɗi.

Kafin a yi maganar kuɗi, sai an fara sanin nauyi. Dekin da aka saba zubawa kaurinsa santimita 15 ne, wato inci shida, kuma kowane murabba'in mita ɗaya nasa yana da nauyin kilo 360. Dekin wannan gini murabba'in mita 120 ne, saboda haka nauyinsa ya haura tan 43, kuma idan an kwaɓa shi a kan awon da aka saba, buhun siminti ɗaya da kwanon sarki huɗu na yashi da takwas na tsakuwa, zai ci buhu wajen 110 zuwa 120. Idan aka haɗa da nauyin bim da bulo da tayil da mutane da kayansu, ana iya ƙiyasta kusan tan ɗaya a kan kowane murabba'in mita. Ginshiƙin da ke tsakiyar ginin yana ɗaukar yanki mai mita 4 sau 5, wato wajen tan 20 daga kowane dekin, ke nan a hawan ƙasa yana ɗauke da tan 40 ban da rufi. Wannan ne ya sa injiniya kan ƙi yarda a yi ginshiƙan tsakiya da girman inci tara sau tara da rodi huɗu kawai don haka aka yi a gidan maƙwabci. Yakan faɗaɗa su ko ya ƙara rodi, gwargwadon abin da lissafi ya ba shi.

A irin wannan tazara ta mita 4 zuwa 5, kankare da rodi ne ya fi dacewa a Katsina, kuma dalilan a fili suke. Siminti da rodi da yashi da tsakuwa duk ana samun su a gari, kafintoci da masu ɗaurin rodi sun saba da aikin, sannan mai gini yana iya bin aljihunsa, ya zuba dekin farko bana, ya bar rodin ginshiƙai a tsaye, ya ci gaba baɗi. Ko masana'antar mulmula ƙarfe da aka kafa a Katsina a farkon shekarun 1980, rodi da waya aka gina ta domin ta yi. Manyan ƙarafan bim kuwa yawancinsu daga ƙasashen waje ake shigo da su, don haka farashinsu yana bin dala, ga kuɗin mota daga Legas ko Kano.

Aibin kankare shi ne a filin gini ake haɗa shi, ƙarfinsa kuma yana hannun waɗanda suka kwaɓa shi a ranar zubi. Abin da ya fi lalata shi ba ƙarancin siminti kaɗai ba ne, yawan ruwa ne. Leburori sun fi son kwaɓi ya yi ruwa-ruwa domin ya fi sauƙin ɗiba da zubawa, amma ruwan da ya wuce kima idan ya ƙafe yakan bar ƙananan ramuka a ciki, sai kankaren ya yi rauni alhali ido ba ya gani. Bayan zubi kuma sai abin ya juya, domin a nan ne kankare yake buƙatar ruwa. Ba bushewa ce ke ba shi ƙarfi ba, haɗuwar siminti da ruwa ce, wadda ke ci gaba har ya kai ƙarfin da aka lissafa masa a kwana 28. A lokacin hunturu da bazara, iskar Katsina tana iya ƙafar da saman dekin cikin 'yan sa'o'i, shi ya sa ake kewaye gefensa da ɗan kwaɓi a tare ruwa a kai, ko a shimfiɗa jiƙaƙƙun buhuna, har aƙalla kwana bakwai. Na taɓa hawa wani dekin kwana uku bayan zubi, na tarar samansa ya yi fari ya tsattsage kamar ƙasan tafki da rani, da na goga takalmi sai gari ya tashi. Mai ginin ya biya kuɗin siminti buhu ɗari da wani abu, amma ya ji ƙyashin kuɗin tankar ruwa.

Akwai abubuwan da mai gini zai iya dubawa da kansa ko da bai yi karatun injiniya ba. Rodi mai milimita 16, tsawon mita 12, nauyinsa ya kamata ya kusa kilo 19, mai milimita 12 kuwa kilo 10 da rabi da 'yan kai. Idan aka ɗora a sikeli aka ga ya gaza sosai, an sayar muku da wanda bai cika ba. Kafin zubi a leƙa a ga an sa 'yan ƙananan kankaren nan da ake kira biskit tsakanin rodi da katako, domin rodi ya samu rufin kankare na wajen santimita biyu da rabi, in ba haka ba damshi zai kai gare shi, ya yi tsatsa, ya kumbura ya fasa kankaren. Bayan an cire katako kuma, idan aka ga jikin ginshiƙi da ramuka kamar saƙar zuma har tsakuwa tana leƙowa, ba a girgiza kankaren da kyau ba ne, kuma kada a yarda birkila ya rufe wurin da filasta kafin injiniya ya gani. Gorar da ke tokare da dekin ana barinta kamar mako uku, sai dai in injiniya ya ce wani abu daban.

Yanzu mu sauya misalin kaɗan. Ɗan kasuwar ya ce wa injiniya: “Injiniya, ƙasan nan wurin baje kolin kaya nake so, ba na son ginshiƙi ko ɗaya a tsakiya.” Injiniya ya ce: “To Alhaji, in haka ne bim zai tsallake mita goma ba madogara, lissafin ya canza ke nan.” Bim na kankare da zai yi wannan tsallake zurfinsa zai kai santimita 70 zuwa 80, ga rodi masu kauri a cunkushe, ga nauyin kansa da zai ƙara wa ginshiƙai da fandisho, sannan ya rage tsayin shagon. Bim na ƙarfe kuwa, mai siffar harafin `I`, zurfin santimita 50 da ɗoriya zai ishe shi, nauyinsa wajen kilo 100 a kowace mita, wato tan ɗaya ga bim guda. A nan ne ƙarfe yake nuna fifikonsa. Haka kuma idan lokaci ya matsa, domin ana iya yanka ƙarafan a shago yayin da ake haƙa fandisho, kuma da zarar an ɗaure su sun shirya ɗaukar kaya, babu jiran kwana 28. Sai dai a sani cewa ginin ƙarfe bai rabu da siminti ba, tun da fandisho da dekin duk na kankare ne, kuma bim mai tan ɗaya ba a ɗaga shi da kafaɗa, sai an yi hayar injin ɗaga kaya.

Ƙarfe daga masana'anta yake zuwa da ƙarfinsa, saboda haka ba kasafai yake gazawa a tsakiya ba, a mahaɗa yake gazawa. Mai waldar da ya ƙware a kan ƙofofi da tagogi, duk da gwanintarsa, ba lalle ne ya iya waldar da za ta riƙe tan 20 ba. Walda mai kyau tana tafiya a miƙe da kauri ɗaya kamar jerin ɓawon kifi, ba ɗigo-ɗigo ba, ba ramuka, kuma an cire dattin da ke samanta kafin a shafa fenti, domin fenti yana ɓoye aibi kamar yadda filasta ke yi. Ƙusoshin noti na irin wannan aiki suna da lamba a kansu, wadda aka fi amfani da ita ita ce `8.8`, kuma wanda babu lamba a kansa bai kamata ya shiga ginin ba. Ƙusoshin da ake binnewa a fandisho domin su riƙe gindin ginshiƙi su ma suna son awo na ƙwarai, domin in suka kauce da santimita biyu ramukan ba za su haɗu ba, sai ka ga ana faɗaɗa rami da wutar walda, wanda rage ƙarfi ne. Akwai kuma ƙarafan da ake gicciyewa tsakanin wasu ginshiƙai domin su hana ginin karkata gefe. Ɗan haya da ya yanke su don ya buɗe ƙofa ya taɓa ran ginin.

Tsatsa ba ta da tsanani a Katsina kamar a garuruwan bakin teku, sai dai a kula da gindin ginshiƙi inda ruwan damina ke taruwa, da kuma kusa da banɗaki. Abin tsoro shi ne gobara. Ƙarfe ba ya kamawa da wuta, amma idan zafi ya kai wajen digiri 550 zuwa 600 yakan rasa kusan rabin ƙarfinsa, ya fara lanƙwasa, gobarar shagon katifa ko atamfa kuwa tana wuce wannan zafi cikin 'yan mintuna. Duk wanda ya ga abin da wuta ta yi a babbar kasuwar Katsina a watan Maris na 2021 ya san yadda kayan shago ke ci. Rodin da ke cikin kankare yana da kariya, saboda zafi yana daɗewa kafin ya ratsa zuwa gare shi, amma ƙarfen da ke tsirara sai an lulluɓe shi da kankare, ko allon hana wuta, ko fenti na musamman da ke kumbura idan ya ji zafi. Wannan kuɗi ne da ya kamata a tambaya ko yana cikin ƙiyasin da aka kawo, domin sau da yawa ƙiyasin ƙarfe yakan yi araha ne saboda an bar shi a waje.

A ra'ayina, ga benen Ƙofar Ƙaura mai shaguna da ɗakuna, kankare da rodi ya wadatar, kuma kuɗin da aka rage gara a kashe shi wajen biyan injiniya mai rajista da hukumar injiniyoyi ta ƙasa ya zo ya tsaya ranar kowane zubi, a ɗebi kwaɓin a cika ƙananan akwatunan gwaji masu santimita 15, a kai ɗakin gwaji a matse su a kwana 7 da kwana 28. Idan kuwa Alhaji ya dage a kan filin ƙasa maras ginshiƙi, ana iya haɗa hanyoyin biyu, ginshiƙan kankare a gefe da bim ɗin ƙarfe a kansu, muddin injiniya ya zana yadda mahaɗar za ta kasance, kuma an kai zanen hukumar tsara birane ta amince kafin a sara ƙasa.

Aikin gida: ku auna tsawo da faɗin ɗakin da kuke karatu a ciki da mita, ku ninka su, sannan ku ninka abin da kuka samu sau 360, ku zo da amsar nauyin dekin da zai rufe shi a darasi na gaba.