Yadda Na Warware Rikicin Kuɗi Bayan Kamfaninmu Ya Rushe

Mu ɗalibai huɗu muka haɗa jari don manhajar yi wa mutane odar abinci. Sana'ar ta durƙushe, amma abin da ya fi ci mini rai shi ne rabon abin da ya rage. Kowa na cewa ya fi kowa zuba kuɗi, kuma babu takarda ko ɗaya da za ta raba gardama, domin kuɗin kamfani da na aljihunmu sun cakuɗe a asusun mutum ɗaya.

Sai na nemi bayanin asusun daga banki, na bi shi layi-layi. Kowace shiga da fita na ba ta gurbi: jari, ciniki, kashewa, ko bashi. Duk kuɗin da ba mu da rasidinsa na ware shi gefe, sai mutum biyu sun shaida kafin ya shiga lissafi. A nan ne ya bayyana cewa kuɗin talla da ɗayanmu ya biya daga aljihunsa bashi ne kamfani ya ci, ba ƙarin jari ba.

Muka fara biyan wannan bashin, sannan muka raba ragowar gwargwadon jarin kowa, kowa ya sa hannu a takarda.